Muhawara: Idan suna ya ɓaci, ina za a sa alkawarin da aka rubuta a jikin kaya?

Hajiya Mai Yogot:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da ƙaramar masana'antar yogot, shekara shida ke nan, kuma a jikin kowace roba an rubuta "Amana da Tsafta". Shekaranjiya wata baiwar Allah ta saka bidiyo a Facebook tana nuna robobi biyu na kayana da suka kumbura, ta buɗe ɗaya ya yi tsartuwa ya ɓata mata hijabi, ta kuma ce ɗanta ya sha irinsa ya kwana yana gudawa. Kafin gari ya waye bidiyon ya zaga WhatsApp, har diloli uku sun kira ni sun ce in dakata da kawo kaya. Ban san ko matsalar daga wajena take ba, ko kuwa shagon da ta saya ne ya bar kayan ba sanyi. Ƙanina ya ce mu kai ta wajen 'yan sanda saboda ɓata suna, wani kuma ya ce in yi shiru maganar za ta mutu da kanta. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Ɗan Talla:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kawo sauƙi. A irin wannan abu gudu ake yi, domin wanda ya riga magana shi ake ji. Kowa a fanninmu ya san labarin Tylenol na 1982, inda kamfanin Johnson & Johnson ya kwashe maganinsa daga kasuwa a ranar da abin ya faru, ya fito ya yi bayani, bayan 'yan watanni ciniki ya dawo. Ki fitar da sanarwa yau ɗin nan, ki ɗauki bidiyon masana'antarki a nuna tsaftarta, a biya masu mabiya da yawa su yaɗa.

Malam Jami'in Hulɗa:
Hajiya, sannu da wannan jarrabawa. Na yi shekaru ina aikin hulɗa da jama'a kafin in yi ritaya, kuma tunda Ɗan Talla ya kawo labarin Tylenol, ina so mu ba shi haƙƙinsa, domin yadda ake ba da shi a gurguje yana ɓatar da darasin. Ba a rana ɗaya aka kwashe maganin ba. Mutuwar farko ta auku ne a ranar 29 ga Satumba, 1982, a yankin Chicago, kuma wadda ta fara rasuwa yarinya ce 'yar shekara 12. Cikin kwanaki kaɗan mutum bakwai suka mutu, dukansu bayan sun haɗiyi kafson Tylenol da aka cusa wa gubar sayanaid. Abin da kamfanin ya fara yi shi ne ya janye rukunin kayan da aka gano, ya dakatar da talla, ya gargaɗi asibitoci da jama'a su daina shan kafson. Sai a ranar 5 ga Oktoba, wato bayan kusan mako guda, aka ba da umarnin janye kafson daga duk faɗin Amurka, kwalba kimanin miliyan 31, abin da ya ci musu kusan dala miliyan 100.

Abin lura shi ne, tun kafin wannan rana alamu sun nuna cewa ba daga masana'anta gubar ta fito ba. Kwalaben da aka samu da guba sun fito daga masana'antu biyu daban, ɗaya a jihar Pennsylvania ɗaya a Texas, amma duk mace-macen a yanki ɗaya suka faru, wanda ke nuna cewa wani ne ya ɗauki kwalaben ya buɗe kafson ya zuba guba ya mayar kan kanta a shaguna. Ke nan kamfanin yana da hujjar da zai ce laifin ba nasa ba ne, ya tsaya a kan Chicago kawai. Bai tsaya a nan ba, kuma shugabansa na lokacin, James Burke, ya jingina shawarar da takardar aƙidar kamfanin da suke kira Credo, wadda Robert Wood Johnson ya rubuta a 1943. Wannan takarda ta jera waɗanda kamfanin ke da alhaki a kansu bi da bi. Na farko likitoci da ma'aikatan jinya da marasa lafiya da iyaye masu amfani da kayan, sai ma'aikata, sai al'umma, sannan masu hannun jari a ƙarshe. Amfanin jeri irin wannan shi ne ranar da buƙatun mutanen nan suka ci karo, an riga an faɗi wanda zai ɗauki asara.

Saboda haka, Hajiya, kafin a yi maganar sanarwa ko bidiyo, tambayar da zan yi miki ita ce, da kika rubuta "Amana", amanar wa kika ɗauka? Idan ta mai sha ce, to matar da ta saka bidiyon tana cikin waɗanda kika yi wa alkawari, kuma duk matakin da za ki ɗauka da wannan ma'auni jama'a za su auna shi.

Mai Kemis na Bakin Tasha:
Ni dai abin da na fahimta shi ne jabun kaya ne ke kashe mu. Ina da yaƙinin wani ne ya buga tambarin Hajiya a kan nasa ruɓaɓɓen kayan, kamar yadda ake yi mana a harkar magani. Hajiya ki je ofishin NAFDAC ki kai ƙorafi, ki nuna lambar rajistarki, su bi sawun masu jabun.

Hajiya Mai Yogot:
Na gode, Alhaji, amma ba jabu ba ne. Na tsayar da bidiyon na duba da kyau, robar tawa ce, hatimin kwanan wata ma namu ne, na ranar Litinin ta makon jiya. A wannan rana mun yi katan 60. Da a ce jabu ne ai da hankalina ya kwanta.

Akanta:
Malam, ina girmama iliminka, amma ina ganin kwatancen ya yi nisa. Johnson & Johnson kamfani ne mai kayayyaki barkatai, idan ya yi asarar dala miliyan 100 a kan abu ɗaya sauran za su riƙe shi. Hajiya kuwa abu ɗaya take sayarwa, kuma na san irin waɗannan masana'antu, jarin sati ne ke juya na sati. Idan ta kwashe duk abin da ke kasuwa ta zubar, ta mayar wa diloli kuɗinsu, da me za ta sayi madarar gari da sukari da man janareta na mako mai zuwa? Ma'aikatanta ma amana ne a wuyanta. Sannan akwai abin da ba a faɗa: da zarar ta ce ta janye kaya, mutane za su ɗauka ta amsa laifi, alhali wataƙila firijin mai shago ne ya mutu.

Malam Jami'in Hulɗa:
Maganarka tana kan hanya, Akanta, kuma ban ce ta kwashe komai ba. Dalilin da ya sa aka janye Tylenol daga ƙasa baki ɗaya shi ne babu wanda ya san iyakar inda mai gubar ya kai, kuma kuskure ɗaya rai ne. Hajiya tana da abin da su ba su da shi, wato ta san ranar da aka yi kayan da adadinsu. Katan 60 na ranar Litinin abu ne da za a iya bin sawunsa da littafin fitar da kaya da waya. Girman janyewa yana bin girman abin da ba a sani ba ne, idan ta tabbatar matsalar ba ta wuce wannan rukuni ba, to a nan za ta tsaya.

Game da tsoron cewa janyewa amsa laifi ce, akwai wani abu a labarin 1982 da nake yawan tunawa. A kwanakin farko 'yan jarida sun tambayi kamfanin ko akwai sayanaid a masana'antunsa, aka ce musu babu. Daga baya aka gano ana ajiye kaɗan a ɗakin gwaje-gwaje don auna ingancin kayan haɗi. Sashen hulɗa da jama'a da kansa ya koma wa 'yan jaridar ya gyara maganar, duk da cewa gyaran yana iya jawo musu zargi. Abin da ake koya daga nan shi ne kada ka faɗi abin da ba ka tabbatar ba don ka wanke kanka, idan kuma ka faɗa ka gano kuskure ne, kai za ka fara bayyanawa. Don haka kada Hajiya ta fito yau ta ce kayanta lafiya lau suke, kada kuma ta ce mai shago ne ya jawo, tunda ba ta sani ba. Abin da za ta iya faɗa da gaskiya shi ne ta ga bidiyon, kayan nata ne, na rana kaza ne, duk wanda ke da mai wannan kwanan wata kada ya sha, ya mayar a ba shi kuɗinsa, kuma za ta dawo da sakamakon bincike a rana kaza. Wannan ba amsa laifi ba ne, kuma ba musu ba ne.

Uwar Ɗakin Gwaji:
Bari in sa baki ta ɓangaren da na sani, domin na yi aiki a sashen duba inganci na wata masana'antar kayan sha. Kumburin roba iska ce da ke taruwa a ciki, kuma galibi yis ne ko wasu ƙwayoyin da suka shiga kayan suke cin sukarin suna fitar da iskar. Rashin sanyi yana hanzarta abin ƙwarai, amma sau da yawa ƙwayar ta riga ta shiga tun wajen ɗurawa, ta hanyar bututun da ba a wanke da kyau ba, ko murfi, ko hannun ma'aikaci. Saboda haka cewa "firijin mai shago ne" ba lallai ya wanke masana'anta gaba ɗaya ba, yana iya zama laifin ya rabu biyu. Hajiya, kina ajiye samfuri daga kowane rukuni? Idan kina da robobin ranar Litinin a firijinki, ki duba su, ki kuma fitar da biyu ki ajiye a ɗaki ba sanyi tare da biyu na wata rana daban, ki ga waɗanda za su riga kumbura. Wannan gwajin gida ne kawai, ba zai maye gurbin kai samfuri ɗakin gwaji ba, amma zai nuna miki inda za ki fara dubawa. Sannan ki tambayi dilolin da suka karɓi katan 60 ɗin. Idan shago ɗaya ne kaɗai aka samu kumburi, zargi ya fi karkata ga ajiya. Idan an samu a shaguna uku da ba su haɗa unguwa ba, to ki koma ki duba injinki.

Hajiya Mai Yogot:
Yaya, gaskiya ba na ajiye samfuri, yau na fara jin cewa ana yi. Amma akwai katan bakwai na wannan rana da ba su fita ba, suna ɗakin sanyi, kuma da na duba ɗazu babu wadda ta kumbura. Na kira diloli biyar cikin takwas, ɗaya ya ce ya ga roba uku da suka ɗan tashi ya ware su bai gaya mini ba, kuma shagonsa yana nesa da inda matar ta saya. Wannan ya tayar mini da hankali. Wani tunani da ya zo mini shi ne in tura yarana su zaga shagunan su saye duk na ranar Litinin a matsayin masu saye, ba tare da an yi surutu ba. Kayan sun bar kasuwa, ba wanda ya cutu, sunana kuma bai ƙara shiga bakin duniya ba.

Malam Jami'in Hulɗa:
Hajiya, don Allah kada ki yi haka, kuma abin mamaki shi ne kamfanin da muke yabo ɗin nan ya taɓa yin irinsa. A ƙarshen 2008, reshen Johnson & Johnson mai suna McNeil, wanda shi ne dai mai yin Tylenol, ya gano cewa wani rukuni na maganin Motrin ba ya narkewa yadda ya kamata. Maimakon a yi shelar janyewa tun farko, a 2009 sai aka ɗauki 'yan kwangila suka riƙa shiga shaguna suna saye maganin kamar sauran masu saye, an kuma umarce su kada su ambaci cewa janyewa ake yi. Maganar ta fito fili a 2010, lokacin da majalisar dokokin Amurka ke bincike kan wata babbar janyewa ta magungunan yara na kamfanin, har shugabansa na lokacin, William Weldon, ya bayyana gaban kwamitin majalisa ya amsa cewa sun ba jama'a kunya. Matsalar Motrin ɗin ba ta kisa ba ce, ba ta kusa da abin da ya faru a 1982 ba, amma ɓoyewar ta zama labarin da ya fi matsalar girma, kuma duk wanda ya yi rubutu a kai sai ya ɗauko Credo ya ajiye kusa da abin da suka aikata. Takardar ba ta canza jerinta ba tsakanin shekarun nan, mutanen da ke yanke shawara ne suka canza.

A naki lamarin, saye a ɓoye yana kwashe abin da ke kan kanta ne kawai. Robar da wata uwa ta riga ta saya ta sa a firijin gidanta don ɗanta ya tafi da ita makaranta gobe, yaranki ba za su kai gare ta ba, sanarwa ce kaɗai za ta kai. Wannan uwar ita ce ma'anar kalmar da kika buga a jikin robar. Ga kuma hatsarin da ke ciki: masu shago sun san fuskokin yaranki, kuma ranar da ɗaya ya faɗa, bidiyo na biyu zai fi na farko muni.

Ɗan Talla:
Na karɓi gyara a kan kwanakin, Malam. Amma har yanzu ina nan a kan cewa dawowar Tylenol aikin talla ne. Kasonsu a kasuwar maganin ciwo ya faɗo daga kusan kashi 35 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 10, kuma cikin shekara guda ya koma kusa da inda yake. Sun raba takardun rangwame a jaridu, sun tura wakilai wajen likitoci. Wannan ai kamfe ne, ko an kira shi aƙida ko ba a kira ba.

Malam Jami'in Hulɗa:
Kamfe ne, ban musa ba, amma ka duba abin da aka tallata. A watan Nuwamba na 1982 sun dawo da maganin cikin sabon mazubi mai hatimi uku: kwalin a manne da gam, wuyan kwalbar a naɗe da roba, bakinta kuma a rufe da takardar ƙarfe. Mai saye yana iya gani da idonsa ko an taɓa. Da aka sake samun mutuwar wata mata a jihar New York a 1986 ta irin wannan hanya, sai suka daina sayar da kafso mai buɗuwa kwata-kwata, suka koma ƙwaya dunƙulalliya. Tallan ya zo ne bayan an canza wani abu da hannu ke iya taɓawa. Bidiyon tsaftar masana'anta da ka ba Hajiya shawara zai yi amfani ranar da take da abin nunawa, misali ta ce daga yau muna ajiye samfurin kowane rukuni, mun sauya yadda muke wanke bututu, ba ma ba dilan da ba shi da firiji mai aiki. Idan ta sake shi yau, alhali dila na biyu ya ga kumburi, kamar ta ce wa matar ƙarya take yi ne.

Lauyan Unguwa:
A kan batun 'yan sanda da ƙanin Hajiya ya kawo, ina tunatar da mu abin da ya faru a 2023, lokacin da wata mata ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya yi mata zaƙi da yawa, aka kama ta, maganar ta kai kotu. Ba zan shiga batun wanda ke da gaskiya a shari'ance ba, amma kowa ya ga yadda mutanen da ba su taɓa jin labarin rubutun nata ba suka ji shi saboda kamun, har aka riƙa kiran a ƙaurace wa kayan. Matar da ke cikin bidiyon Hajiya kuwa ta nuna roba ta gaske mai kumburi na gaske. Shawarata ita ce Hajiya ta neme ta da kanta, ta tambayi jikin yaron. Sai dai ina jan hankali a kan biyan kuɗin asibiti: a yi shi a matsayin taimako, kada a rubuta wani abu da ke cewa yogot ɗin ne ya jawo gudawar, domin ba a tabbatar ba, kuma kada a sa mata sharaɗin goge bidiyo.

Akanta:
A nan ne ni da Barista za mu rabu. Idan an taimaka mata, an mayar mata da kuɗi, me zai hana a roƙe ta ta sauke bidiyon? Barinsa yana yawo ai ci gaba da zubar da jinin kasuwar ne. Kuma har yanzu ba a amsa mini ba: idan gwaji ya nuna matsalar daga bututu take, kayan Talata da Laraba ma ta cikinsa suka bi. Nan fa ba katan 60 ake magana ba, ana maganar kayan mako guda ne, kuma ban ga yadda jarin Hajiya zai ɗauki wannan ba.

Uwar Ɗakin Gwaji:
Tambayar Akanta ta biyu gaskiya ce, kuma ba ni da amsa mai daɗi. Idan ana wanke layin sosai kowace rana bayan aiki, yana yiwuwa matsalar ta tsaya a Litinin. Idan ɗauraya kawai ake yi, to sauran kwanakin ma abin zargi ne, sai an gwada su.

Hajiya Mai Yogot:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na samu lambar matar ta hannun wata ƙawarta, mun yi magana bayan la'asar, yaron ya samu sauƙi, kuma gobe da safe zan je gidan da kaina. Ban yi mata maganar goge bidiyo ba, ban kuma yanke shawara a kai ba tukuna. Na rubuta sanarwar janye kayan ranar Litinin kamar yadda Malam ya tsara, na sa lambar wayar ofis, na ce zan dawo da bayani ranar Asabar. Na ware robobi daga Litinin da Talata da Laraba, direba zai kai su ɗakin gwaji da safe, wasu kuma na jera su a kan tebur a ofis kamar yadda Yaya ta ce. Diloli uku ba su ɗaga waya ba har yanzu, kuma katan 19 na hannunsu. Malam, idan Asabar ta zo sakamakon bai fito ba, in yi shiru har ya fito, ko in fito in ce bai fito ba?

Malam Jami'in Hulɗa:
Ki fito ranar Asabar ɗin ki ce bai fito ba, ki faɗi adadin katan da aka dawo da su da waɗanda suka rage, ki sa wata ranar. Su kuma dilolin nan uku, kada ki jira waya, ki tura mota shagunansu yau da daddare.